Raɗa wa mutanen wasan kwaikwayon rediyo suna: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu koyon rubutun wasan kwaikwayo na rediyo a nan Sakkwato suka sha yi mini, wasu a sitidiyo, wasu a bakin mai shayi bayan an tashi daga ɗaukar shiri. Na tattara su wuri guda don kada in riƙa maimaita amsa.

Malam, suna ai suna ne. Me ya sa za a ɓata lokaci a kansa?

Saboda a rediyo mutum ba shi da fuska. A talabijin, da zarar an ga rawani da furfura an san maigida ne ya shigo, ko ba a ambaci sunansa ba har a gama shiri. A rediyo kuwa abu biyu kaɗai mai sauraro yake riƙewa, murya da suna. Muryar ma ba ta tsayawa wuri guda: ɗan wasa zai yi fushi, ya yi raɗa, ya yi kuka, wani makon ya zo da mura. Sunan ne turken da ake ɗaure muryar.

Ka kuma tuna wanda kake rubuta wa. Ba a zaune yake ya naɗe hannu ba. Tela ne a Tsohuwar Kasuwa keke na ƙara, ko mai tuƙin tuwo a Mabera yara na kai-komo, ko direba a hanyar Illela. Kunnensa ɗaya ne a wurinka. Idan ya ɗauke hankali na ɗan lokaci ya dawo, suna ne zai gaya masa inda aka kwana. Ba shi da damar komawa baya kamar mai karanta littafi.

Na tabbatar kowane suna da harafinsa na farko daban. Bai isa ba?

Bai isa ba, kuma nan ne na fi ganin ana faɗuwa, don ni ma nan na faɗi. Harafin farko na ido ne. Kunne ba ya ganin harafi. Abin da yake kamawa daga nesa shi ne yawan gaɓoɓin suna, da wasulan da ke ciki, da karin sautinsa, wato yadda murya ke hawa da sauka.

Ga abin da ya faru da ni. Na rubuta wasa a kan wani ɗan kasuwar albasa da ya ci bashi don ya sayi albasa da yawa ya ajiye a rudu har ta yi tsada, sai ruɓa ta shige ta. Na sa masa Alhaji Kabiru. Ɗansa Bashiru, ƙanensa Aminu. Uwargida Hadiza, amarya Nafisa, 'yarsa Jamila. A takarda babu abin da ya fi wannan tsabta: K, B, A, H, N, J, ba wanda ya taka wani. Da muka ɗauki kashi na farko na kunna wa wata gwaggona tana tsintar shinkafa. Da aka gama ta ce, “Wasan ya yi daɗi, amma ɗan nan, mi yas sa yaron yac ci bashi ubanai na kallo?” Ba yaron ne ya ci bashin ba, uban ne. Ta haɗe Kabiru da Bashiru tun fitowa ta biyu, labarin ya juye mata gaba ɗaya.

Faɗi sunayen nan da ƙarfi ka ji. Kabiru, Bashiru, Aminu: gaɓa uku-uku, wasulan a, i, u, wasalin tsakiya dogo, murya ta fara ƙasa ta hau ta sauko. Hadiza, Nafisa, Jamila: gaɓa uku-uku, a, i, a, karin sauti iri ɗaya. Ashe sunaye biyu na raɗa wa mutum shida. Sunayenmu da yawa da suka zo daga Larabci a kan wannan ƙira suke, shi ya sa tarkon yake da sauƙin faɗawa. Habiba, Halima, Karima, Rashida duk 'yan ɗaki ɗaya ne, haka Jamilu da Habibu.

Me ya sa baƙaƙe ba sa taimakawa kamar wasula?

Akwatin rediyon ne ke cinye su. A matsakaicin zango, tazarar da ke tsakanin tasha da tasha a ƙasashenmu kilohaz 9 ce, don haka sautin da ke isa kunne bai cika wuce kilohaz 4 da rabi zuwa 5 ba. Shi kuwa hucin nan da ke bambanta s da f da sh, yawancinsa daga wajen kilohaz 4 zuwa sama yake zaune. Sai a yanke masa kai. FM ta fi faɗi nesa ba kusa ba, amma idan ƙaramar lasifikar waya ce ko rediyo mai batirin da ya fara sanyi, ga janareta na ruri a maƙwabta, kusan sakamakon ɗaya ne.

Abin da ke tsira shi ne wasali da karin sauti, domin su ne ke ɗauke da ƙarfin murya. Shi ya sa Sani da Fati za su iya rikicewa daga nesa, amma Sani da Bello ba za su rikice ba ko da ana iska. Mu nan kuma muna da ƙarin dalili: bakin Sakkwato yana mai da f ta koma h ko hw, Fati ta zama Hwati, Nafisa ta zama Nahisa. Nahisa da Hadiza kuwa sai Allah.

To yaya aka gyara wancan wasan?

Na zauna na jera mutanen gwargwadon waɗanda suka fi haɗuwa a fitowa ɗaya. Wannan shi ne matakin farko, kuma ya fi zaɓen sunan kansa muhimmanci. Wanda ba zai taɓa haɗuwa da wani ba, kuma ba a ambatar su a zance ɗaya, ba laifi sunayensu su ɗan yi kusa. Waɗanda kullum suna tare, musamman in muryarsu jinsi ɗaya ce, su ne za a nisanta iyakar nisa. A wasana, kishiyoyin nan biyu ne suka fi haɗuwa, sai uba da ɗansa, sai uba da ƙanensa.

Uwargida ta koma Kulu: gaɓa biyu, wasali u sau biyu, kuma suna ne da ke nuna shekaru. Amarya ta koma Zainab, ba Zainabu ba, ba Abu ba. Yana ƙarewa da baƙi, yana da ai a ciki, kuma da jinsa ka san yarinya ce ta zamani da ta yi boko. Ko kana barci aka ce Kulu ba za ka ji Zainab ba.

Maigida ya koma Alhaji Arzika, sunan da duk Basakkwace ya san na gida ne. Ɗansa Bello. Ƙanen maigida na fara sa masa Tukur, sai a gwaji na ji Tukur da Kulu suna ɗaukar juna idan ana zancensu ba sa nan, don wasulansu ɗaya. Na mai da shi Modi. 'Yar gidan sunanta na yanka Asma'u, amma a wasa Nana kawai ake ce mata, kamar yadda ake yi wa masu wannan suna a garin nan albarkacin Nana Asma'u 'yar Shehu. Dillalin da ya kai maigida ya baro kuwa, wanda da farko ban ba shi suna ba, ya sami laƙabi: Shayanzu, daga sha yanzu magani yanzu.

Jera su ka ji: Arzika, Kulu, Zainab, Bello, Nana, Modi, Shayanzu. Biyar masu gaɓa biyu ne, biyu masu gaɓa uku, amma ƙarshensu ya rarrabu, kuma inda ƙarshen ya zo ɗaya, kamar Arzika da Nana ko Kulu da Shayanzu, tsawon ya bambanta, ɗaya namiji ɗaya mace. Wani abu guda na bari da sanina: Arzika yana kusa da kalmar arziki. A wasan da ke maganar dukiya da asara wannan zai iya kawo ruɗani, sai na mai da shi abin amfani. Na ba Shayanzu ya riƙa yi masa zambo da shi, na kuma kiyaye kada kalmomin biyu su haɗu a jimlar da ke ɗauke da muhimmin labari.

Akwai hanyar gwada suna kafin a shiga sitidiyo?

Akwai guda uku da nake yi, ba mai cin ko sisi.

Na farko, rufe bakinka ka yi gunjin sunan ta hanci, ba tare da furta ko harafi ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne gaɓa da tsawo da karin sauti. In sunaye biyu suka fito da gunji iri ɗaya, kamar Kabiru da Bashiru, ɗaya ya tafi, ko aƙalla kada su zauna a fitowa ɗaya.

Na biyu, ka tsaya a tsakar gida wani ya tsaya a zaure, ka kira sunayen ɗaya bayan ɗaya a hargitse kamar kana kiran yaro, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. Wanda ya ce “Wa?” a kansa sau biyu, sa masa alama.

Na uku shi ne na gwaggo, kuma ya fi sauran. Ɗauki fitowa ɗaya da waya, ko da kai da abokanka ne kuka karanta, ka kunna wa mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba, suna cikin aikinsu. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi don kunyarka. Tambaye su: mutum nawa ne a ɗakin? Wa ya fara magana? Wa ake bi bashi? Amsarsu ce za ta nuna maka inda suna ya zame.

Matar Bahaushe ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan fari. Ta yaya mai sauraro zai ji sunan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce ta raba aikinmu da na marubucin da al'adarsa ba ta san alkunya ba. Suna a rediyo a bakin wasu yake rayuwa, mai shi ba ya faɗinsa. Ga shi a gidanmu rabin bakunan a ɗaure suke. Kulu ba za ta ce Arzika ba, sai Alhaji ko maigida. Ba za ta ce Bello ba, tunda ɗan farinta ne, sai “yaron ga” ko “wancan”. Bello ba zai kira ubansa da suna ba, Nana ba za ta kira wanta gatsal ba. In ka tilasta musu don mai sauraro ya gane, za ka sami ganewar ka rasa yarda: tsofaffi za su ce wanga gida ba na Hausawa ba ne.

Mafita ita ce tun kana tsara mutanen wasa ka tambayi kanka, wa ke da bakin faɗin wannan suna? Kowane babban tauraro yana bukatar aƙalla mutum ɗaya da zai iya kiransa kai tsaye kuma yana yawan fitowa. Aboki, abokin wasa, kaka da jika, dillali, maƙwabci, mai unguwa. Kaka musamman tana da amfani, don tana iya kiran jikanta da suna ta haɗa da tsiya. A wasana Shayanzu da Modi ne masu faɗin Arzika, Zainab da Alhaji ne masu faɗin Kulu, Nana kuwa kowa na kiranta.

Sannan al'adar da ta ɗaure mana baki ita ce ta ba mu ƙofofi. Sallama a ƙofar gida, yaron aike, gaisuwa, kirarin maroƙi, kiran waya, magatakardan kotu yana kiran masu ƙara, duk wurare ne da ake faɗin cikakken suna ba tare da kowa ya ji wani iri ba. Dubi yadda na buɗe kashi na farko bayan gyara:

SHAYANZU: (daga nesa) Salamu alaikum! Alhaji Arzika na ciki?

KULU: Ke Nana, tashi ki hwaɗa ma babanki Shayanzu na sallama.

NANA: To Inna. Baba, wai ana sallama da kai.

ARZIKA: Mi yak kawo shi da sassahe haka? Kulu, ina Bello? Shi hita shi shimhiɗa mai tabarma.

KULU: Yaron ga tun asuba yat tahi kasuwa.

Layi biyar ne, an dasa sunaye biyar, an nuna wa ke auren wa, wa ya haifi wa, kuma Kulu ba ta karya alkunya ko sau ɗaya ba. Har “yaron ga” ɗin nata ya zama alama: daga nan duk sanda ta faɗe shi, mai sauraro ya san Bello take nufi, ya kuma san shi ne ɗan farinta ba tare da an gaya masa ba.

Mutum ɗaya a gari yana da suna uku ko huɗu. In bi hakan a wasa?

Kada ka bi shi duka. Gaskiya ne Abubakar ɗaya zai zama Garba a unguwa, Bube a wurin kakarsa, Malam Habu a wurin aiki, Baban Nana a bakin matarsa. Haka Usman ke zama Shehu ko Manu, Umaru ya zama Sanda, Hauwa'u ta zama Kulu, A'ishatu ta zama Indo. Mu da muka tashi a ciki ba ma ruɗewa don muna ganin mutumin. A rediyo kowane sabon suna sabon mutum ne har sai an tabbatar wa kunne akasin haka.

Ƙa'idar da nake bi ita ce babban suna ɗaya da kowa ya sani, da kuma na girmamawa ɗaya da dangantaka ta tilasta, kamar Baba ko Alhaji ko Inna. In labari yana bukatar na uku, sai a ɗaura shi a kan na farko a cikin numfashi ɗaya, a gaban mai sauraro. Misali ma'aikacin banki ya kira, “Muhammadu Bello Arzika!” sai Modi ya ce, “Bello, kai aka kira, tashi.” An gama. Kuma a takardar wasan, sunan da ke gefen layi kada ya canja daga kashi na farko har na ƙarshe, ko da mutumin ya je hajji a tsakiyar labari.

Ina da Alhaji uku a wasana. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, a gari ma sun fi haka. Amma mutum ɗaya kaɗai zai mallaki “Alhaji” tsurarsa. Sauran a haɗa musu da wani abu kullum, ba fashi: Alhaji Ƙarami, Alhajin Gada, Alhaji Mai Goro. Haka Malam, haka Hajiya, haka Inna. Ranar da wani ɗan wasa ya gajarta Alhaji Mai Goro ya ce Alhaji kawai don bakinsa ya gaji, a tsayar da ɗauka a sake.

Baba kuwa a yi hattara da ita. A rubuce kalma ɗaya ce, amma a baki Baba mahaifi daban, Baba mace daban, karin sauti ne ya raba su. Ɗan wasan da ke karantawa a karon farko zai iya faɗin wadda ba ita ba. Haka Abu na Abubakar da Abu ta Zainabu. In kana da zaɓi, kauce musu.

Sau nawa ya kamata a ambaci suna a fitowa ɗaya?

Ba lissafi ba ne tsayayye, amma ga yadda nake yi. Duk wanda ya shigo, a ambace shi cikin layi biyu ko uku na farko, kuma ya fi kyau a ambace shi dab da zai yi magana, don sunan ya faɗo a kan muryar. In aka ce “Modi, mi kag gani?” muryar da ta biyo baya dole ta zama ta Modi. In Bello ya tsoma baki a nan, mai sauraro zai liƙa wa Bello sunan Modi, kuma cire shi aiki ne. In fitowar ta wuce kamar minti uku, a sake ambato a tsakiya saboda wanda ya kunna rediyo a makare. Wanda ya yi shiru na tsawon lokaci kuma, a rediyo ya ɓace ke nan, sai an kira sunansa kafin ya dawo. Wasa mai fita mako-mako, kowane kashi a ɗauka akwai wanda yau ya fara ji.

Kishiyar wannan ita ce yawan ambato. “Bello, ka ji ko Bello? To Bello, tashi.” Ba mai magana haka sai mai faɗa. Mutum biyu da muryarsu ta bambanta sosai, mace da namiji ko tsoho da yaro, ambato ɗaya a farko ya ishe su. In ka ga kana cusa suna a kowane layi don a gane mai magana, matsalar ba ta suna ba ce: mutane sun yi yawa a ɗakin. Murya uku ana bin su cikin sauƙi, huɗu da kulawa, daga biyar sai ka aiki wani kasuwa.

Tagwaye fa? Dole Hassan da Husaini ne.

In labarin bai dogara da rikita su ba, mai da su mace da namiji, Hassan da Husaina, murya ta yi maka aikin. In dole maza ne, bar wa ɗaya sunansa, ɗayan a san shi da laƙabi, a faɗi Husainin sau ɗaya don a san tagwaye ne.

Sunayen rana da na yanayin haihuwa suna da amfani?

Ƙwarai, don suna zuwa da labarinsu a goye kuma sautinsu ya bambanta da na sunayen yanka. Tanko ya gaya maka mata ya biyo, Gambo ya biyo tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe, Altine ranar Litinin aka haife shi, Jummai ranar Juma'a. Dikko da Sambo suna kai hankali wajen Fulani tun kafin mutumin ya buɗe baki. Ka sami bayanin da ba ka kashe ko layi ɗaya a kansa ba.

Inda suke cizo shi ne waɗanda har yanzu kalmomi ne na yau da kullum. “Baƙo ya zo.” Wane baƙo, mai sunan ko wani daga tafiya? “Bawa ya gudu.” “Kaka ta yi kyau.” A takarda babban harafi ya warware, a iska babu babban harafi. In kana son irin wannan suna, duba labarinka ka tabbatar kalmar ba za ta riƙa fitowa da ɗaya ma'anar ba. Wasan da ya faɗo a watan Ramadan ba wurin Azumi ba ne.

Zan iya amfani da sarauta ko sunan gari don a bambanta mutane?

Ta fuskar kunne suna aiki sosai. Ubandoma, Marafa, Magajin Gari, Ɗangaladima, ba mai rikita su da Bello ko Modi. Muƙami ma haka: Samanja, wanda Usman Baba Pategi ya fito da shi, muƙamin soja ne da bakin Hausa ya sarrafa ya zama suna, kuma da an faɗe shi ka ji barikin gaba ɗaya.

Amma nan Sakkwato ne. Waɗannan sarautu suna da masu riƙe da su a raye, da iyalansu da magoya bayansu. Ka ba azzalumin wasanka ɗaya daga ciki, gobe a ce da wane kake. Haka sunan gari: mutanenmu da garinsu suke rufe suna, kamar yadda kowa ya san Shagari da Tambuwal da Wamakko. Duk sunan da ka haɗa da Gwadabawa ko Bodinga ko Yabo, ka ƙaddara akwai mai shi, wataƙila yana sauraro. Na taɓa ganin an dakatar da wani shiri na makonni saboda sunan mugun ɗan kasuwar da ke ciki ya yi daidai da na wani bawan Allah, har da garinsu, alhali marubucin bai taɓa jin labarinsa ba. Ƙirƙiri ƙauyenka, ka ba shi hakimi ko mai gari ba tare da sarautar da aka sani ba.

Sai kuma sunaye masu alfarma. Mai sauraro a garin Shehu ba ya jin daɗin a kira ɓarawo ko mashayi da sunan Annabi ko na manyan bayin Allah ana zaginsa a iska. Shi ya sa miyagun wasa suka fi dacewa da laƙabi. Riba biyu ce: ka kauce wa ɓacin rai, kuma laƙabi irin Shayanzu ya fi kowane sunan yanka zama a kunne.

Ƙananan mutane, masu layi biyu ko uku, su ma a raɗa musu?

A'a. Kowane suna kaya ne ka ɗora wa mai sauraro, zai riƙe shi yana jiran ya ga amfaninsa. Mai shayi, ɗan kabu-kabu, malamar asibiti, ɗan dako, a kira su da sana'arsu, sautin wurin ya ƙarasa sauran: cokali na kaɗawa a kofi, mashin na tsayawa. Suna na wanda zai dawo ne.

'Yan wasanmu kaɗan ne, mutum ɗaya na yin murya biyu. Da abin da suna zai taimaka?

Yana taimakawa, in an haɗa da dabara. Mutanen biyu kada su haɗu a fitowa ɗaya, kada kuma fitowarsu ta biyo juna kai tsaye, a sa wata a tsakani ko kiɗa mai ɗan tsawo. Sunayensu su zama mafi nisa a duk jerin, kuma a ambaci sunan kafin muryar ta fito, don kunne ya riga ya shirya jin wani mutum daban. Wanda ya yi mana Modi shi ya yi alƙali a kashi na tara, kuma kafin ya ce uffan sai da magatakarda ya sanar da shigowar alƙali, aka ji mutane sun miƙe.

Wani lokaci kuma sai an zo karatun gwaji za ka tarar 'yan wasa biyu muryarsu ɗaya sak, alhali ka ba su Nana da Zainab, masu haɗuwa kusan kowane mako. In ba za a iya musanya ɗaya ba, koma kan takarda. Ka ƙara nisanta sunayen in da hali, ka ba kowace mutumin da take yawan kira da yadda take kiransa: Nana ce kaɗai ke cewa Baba da Inna, Zainab ce kaɗai ke cewa Yaya Kulu. Daga kalmar farko an san wadda ta buɗe baki. Sannan ka roƙi furodusa ya tsayar da ɗaya kusa da makirfo, ɗayar ta ɗan ja baya kamar tana bakin ƙofa, su riƙe hakan har ƙarshen fitowar.